Lacca: Daga Aljihun Wa Ribar Take Fitowa?

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana, na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Duk wanda ya zo muku da batun zuba kuɗi a ninka muku, tambaya ɗaya nake so ku riƙa yi masa: wannan ribar daga ina za ta fito? Me ake saya, me ake sayarwa, wa ake sayar wa? Masu ajiya da suka ga jiya suka ga yau daga nan suke farawa, kuma yawanci nan maganar take mutuwa.

Suna da wani ɗan lissafi da ake yi da ka. Ka raba 72 da ribar da ake ba ka a shekara, abin da ya fita shi ne kusan shekarun da kuɗinka za su ɗauka kafin su ninka. Idan ribar kashi 12 cikin ɗari ce a shekara, kuma wannan riba ce mai kyau, sai ka jira shekara 6. To ga wani ya ce wata ɗaya kacal. Abin da yake ninkawa duk wata, a shekara ya zama ninki 4,096. Don Allah, mai irin wannan sana'a me zai yi da 'yan kuɗinka? Ai da ya ci bashin banki ya yi shiru da bakinsa.

Bari mu bi kuɗin a hankali. Mutum 100 sun zuba dubu ɗaya-ɗaya, an tara 100,000. Ƙarshen wata ana bin mai harkar 200,000, alhali bai sayi komai ba, bai sayar da komai ba. Dole ya samo sababbin mutum 200 ya biya na farko da kuɗinsu. Wata na gaba yana neman 400, sannan 800. A wata na 10 yana neman 102,400. A wata na 27 adadin ya wuce mutanen duniya baki ɗaya. Kun ga rushewar tana cikin ginin tun ranar da aka aza tubalin farko.

Wannan dabara ita ake kira da sunan Charles Ponzi. A 1920, a birnin Boston na Amurka, ya yi alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45, ninki a kwana 90, wai yana cinikin takardun amsa wasiƙa na gidan waya tsakanin ƙasashe. A watan Agusta na shekarar asirinsa ya tonu. Harkar zuba kuɗi ta MMM, wadda Sergei Mavrodi ɗan Rasha ya kafa, ita ma da alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata ta ja mutane a ƙasashe da dama.

Yanzu ga inda zuciyata take sosuwa. Wani zai ce, "Malam, ai ni an biya ni, da idona na ga kuɗin sun shigo." Gaskiya ne, an biya ka. Amma wannan biyan tsaba ce aka watsa wa kaza. Da kuɗin wani bawan Allah aka biya ka, don ka dawo da wanda ya fi shi yawa, ka kuma jawo ƙaninka da maƙwabcinka. Su kuwa ba kamfanin suka yarda da shi ba, kai suka yarda da kai. Shi ya sa idan ka ga ana ba da lada a kan kawo mutane, har ladan ya fi batun hajar ƙarfi, to mutanen su ne hajar.

Ku lura kuma da ribar da ba ta taɓa tangarɗa. Kasuwa ta gaskiya yau riba, gobe faɗuwa. Bernard Madoff, wani mai juya jarin mutane a Amurka, bai ma yi alkawarin ninki ba, riba madaidaiciya yake nunawa shekara da shekaru, kasuwa ta hau ko ta sauka, har ya rushe a 2008. Takardar rajistar kamfani da suke ɗagawa ma kada ta ruɗe ku. Rajista daban, lasisin karɓar jarin jama'a daban, kuma hukumar da ke kula da hannun jari ce take ba da shi. Ka duba sunan a jerin hukumar da kanka.

Wanda ya riga ya shiga, ya nemi cire kuɗinsa duka, uwa da riba, ya saurari amsa. Lambobin da kake gani suna hawa a waya rubutu ne kawai har sai sun shigo hannunka. Za ka ji an ce ka bar su su ƙara haihuwa, ko ana gyaran na'ura, ko an ɗage biya zuwa mako biyu. Mafi muni a ce sai ka biya haraji ko kuɗin tantancewa kafin a sake maka naka. Idan an kai nan, kada ka ƙara ko sisi. Ka adana rasit da saƙonni da lambar asusun da ka tura wa, ka sanar da bankinka da hukuma a ranar, sannan ka kira duk wanda ka shigar ka gaya masa. Wanda kuma zai kira ka daga baya ya ce zai ƙwato maka kuɗinka idan ka ba shi wani abu, sau da yawa su ɗin ne suka dawo ta wata ƙofa.