Sharhi: Gani Biyu-Biyu, Wanne Zai Iya Jira, Wanne Ba Ya Kwana

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan lalurar da babban mutum zai wayi gari yana ganin abu ɗaya ya zama biyu ne. Ya dubi ƙofa ya ga ƙofa biyu, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kama iska. Tambayar farko da likita zai yi masa ita ce: idan ka rufe ido ɗaya, me ke faruwa? Kuma wannan gwaji ne da mutum zai iya yi wa kansa a zaune a ɗaki.

Ka dubi abu ɗaya da ke nesa kaɗan, kamar agogon bango. Ka rufe idon dama da tafin hannu, ka lura. Sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Idan ka bar ido ɗaya a buɗe amma har yanzu agogon biyu ne, to matsalar tana cikin wannan idon. Idan kuwa duk wanda ka rufe cikin biyun sai agogon ya koma ɗaya, to kowane ido yana gani daidai shi kaɗai, daidaituwarsu ce ta lalace: ɗaya na duban nan, ɗaya na duban can.

A nan ne mutane da yawa ke yin fassarar da ba daidai ba. Wanda ya rufe ido ya ga abin ya gushe sai hankalinsa ya kwanta, ya ce ai da sauƙi. Alhali shi ne ya fi cancantar gaggawa, domin irin nasa ne ke iya tasowa daga ƙwaƙwalwa.

Mu fara da na ido ɗaya, don ba shi da dogon bayani. Galibi haske ne ke rarrabuwa kafin ya isa bayan ido. Hoto na biyun yakan zama kamar inuwa da ke manne da na farko, ba ya rabuwa da shi sosai. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne yanar ido da ta fara, buƙatar tabarau ko tabarau da ba su dace ba, tabo a gaban ido, da bushewar ido, wadda kan tsananta da hunturu. Idan bushewa ce, ƙifta ido yakan gyara ganin na ɗan lokaci. Akwai wata dabara: a huda kati da tsinin allura a leƙa ta ramin. Idan inuwar ta ɓace, alama ce mai ƙarfi cewa matsalar ta gaban ido ce. Irin wannan yana buƙatar asibitin ido, amma zai iya jiran ranar ganin likita. Sai fa idan ya biyo bayan bugu a ido, ko ya zo da ciwo da ja da raguwar gani, ko an taɓa idon da aikin gargajiya na ture yana, wanda kan bar madubin cikin ido a goce. Waɗannan a tafi yau. Kuma don Allah a bar sayen maganin ɗigawa a kyamis da ka, domin wasunsu kan ɗaga hawan jinin ido idan aka daɗe ana sa su.

To na idanu biyu fa? Kowane ido tsoka shida ke juya shi, kuma jijiyoyi uku da suka fito daga ƙwaƙwalwa ne ke kai wa tsokokin umarni. Likitoci na kiran su jijiya ta 3, ta 4 da ta 6. Idanun kamar shanun huɗa ne guda biyu a ƙarƙashin karkiya ɗaya: da zarar ɗaya ya gaza, layi ya karkace. Gazawar na iya kasancewa a tsokar, ko a jijiyar, ko a mahaɗarsu, ko can cikin ƙwaƙwalwa. Yadda hotunan biyu suka jeru yana ba da haske. Idan gefe da gefe suke, kuma sun fi rabuwa in ana duban nesa, ana zargin jijiya ta 6, mai juya ido waje. Idan ɗaya a saman ɗaya yake, kuma abin ya fi damun mutum wajen karatu ko saukowa daga bene, har ya riƙa karkata kai don ya gani daidai, ana zargin ta 4, wadda buguwar kai irin ta haɗarin babur kan raunata.

Jijiya ta 3 ce nake so mu tsaya a kanta. Mu ƙaddara wani tela ne mai shekara 58, yana da ciwon suga da hawan jini. Ya tashi da asuba da ciwo a bayan idon dama, yana ganin keken ɗinkinsa biyu. Kafin la'asar fatar idon ta sauko ta rufe shi ruf, sai ganin biyun ya daina. Iyalinsa suka ce Alhamdulillahi, sauƙi ya samu. Ba sauƙi ba ne, fatar ce ta yi aikin da tafin hannu ke yi. Idan aka ɗaga ta da yatsa za a tarar idon ya karkata waje da ƙasa, ba ya iya duban sama ko wajen hanci.

Abin da likita zai fara dubawa shi ne baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido, ƙofar da haske ke shiga. Zai haska tocila ya kwatanta na dama da na hagu. Dalili kuwa shi ne, zaruruwan da ke tsuke wannan ƙofa suna bin bayan jijiyar ne daga waje. Idan ciwon suga ne ya toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar, tsakiyarta ce ta fi jin jiki, sai ƙofar ta ci gaba da tsukewa yadda ta saba. Irin wannan yakan warke da kansa cikin kamar wata uku, idan aka kula da suga da hawan jini. Amma idan wani abu ne ke danne jijiyar daga waje, zaruruwan nan su ne farkon taɓuwa, sai ƙofar ta buɗe wangale, ba ta tsukewa ko an haska ta. Abin da aka fi tsoro a nan shi ne jijiyar jini da ta yi ƙari kamar balam-balam a gindin ƙwaƙwalwa. Idan ta fashe, jini ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwa, mutum na iya rasa ransa cikin sa'o'i.

Sai dai kada wani ya ɗauki tocilar waya ya yanke wa mahaifinsa hukunci a gida. A kwanakin farko ƙofar na iya zama lafiya lau ko da akwai ƙarin, daga baya ta buɗe. Kuma mai ciwon suga ma yana iya samun ƙarin jijiyar jini, ciwo ɗaya ba ya hana wani. Shi ya sa likitoci da dama a yanzu suke neman hoton ƙwaƙwalwa da na hanyoyin jininta ga duk wanda jijiyarsa ta 3 ta shanye farat ɗaya. Saboda haka telan nan sashen gaggawa ya dace da shi a daren, a babban asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ba shagon masu sayar da tabarau ba.

Ba wannan kaɗai ne ba ya kwana. Idan ganin biyu ya zo da jiri, da tangaɗi wajen tafiya, harshe ya yi nauyi, baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu, to ana zargin shanyewar ɓarin jiki da ta taɓa tushen ƙwaƙwalwa. Allurar da ke narkar da gudan jini, inda ake da ita, galibi cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, don haka a riƙe lokacin da abin ya fara. Ko da alamun sun zo na minti goma sun wuce, gargaɗi ne, a je a ranar. Haka idan akwai ciwon kai mai tsanani da amai, wanda ya fi muni da safe ko in an kwanta: matsi ne ke iya ƙaruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma jijiya ta 6, da yake hanyarta doguwa ce, takan riga sauran nuna alama. In aka haɗa da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, mu a nan mun san sanƙarau. Ido da ya kumbura ya fito waje yana ja da zafi, tare da zazzaɓi, shi ma na kwanciya asibiti ne.

Akwai kuma wani ciwo da ake yawan mantawa da shi, ga wanda ya haura shekara 50. Sabon ciwon kai a gefen goshi, fatar kai na zafi in an taɓa ko an sa hula, muƙamuƙi na gajiya da ciwo ana cikin tauna. Wannan kumburin hanyoyin jini ne da kan makantar da ido cikin kwanaki, kuma ganin da ya tafi ba kasafai yake dawowa ba. Gwajin jini ne ke taimakawa wajen gano shi, kuma ana fara magani a ranar.

Akwai kuma cututtuka biyu da lokaci ne ke tona su. Idan mutum ya tashi garau da safe, amma zuwa yamma fatar ido ta riƙa faɗuwa, ganin biyu ya zo, in ya huta ya lafa, ana tunanin cutar mayasteniya, inda saƙo ke gaza ratsawa daga jijiya zuwa tsoka. Tana da magani, kuma a ga likita cikin kwanaki. Amma ranar da haɗiya ko numfashi suka fara wuya, ta zama ta gaggawa. Idan kuwa abin ya fi tsananta da safe, idanu sun firfito, mutum na rama da bugun zuciya da gumi, to a duba maƙoƙo.

Kafin a kai ga likita, a sauka daga sitiyari da babur, a bar aiki da inji. Rufe ido ɗaya da ƙyalle mai tsabta ko manna takarda a gilashi ɗaya na tabarau yana hana jiri da faɗuwa, kuma ba ya lalata idon babba. A tafi da duk magungunan da ake sha, domin wasu, kamar na farfaɗiya, kan jawo gani biyu in sun yi yawa a jini. A ɗauki tsohon hoto ma, ko na katin shaida ne: idan ya nuna mutum ya daɗe yana karkata kai, ko fatar idonsa dama a sauke take, likita zai gane tsohuwar matsala ce ta bayyana yanzu. Sannan a shirya amsar tambayoyi uku da za a yi: yaushe ya fara, hotunan gefe da gefe suke ko sama da ƙasa, kuma me ya faru da aka rufe kowane ido.