Kibiya uku, soke ɗaya: yadda ake fassara hoton allo

(An rubuto wannan daga muryar laccar da aka ɗauka a Tahoua, gaban ɗalibai masu koyon fassara.)

Assalamu alaikum, ƴan'uwa ɗalibai. Kwanan baya wata ɗalibar kiwon lafiya ta turo mini hoton allon ajinsu ta salula, tana son a mayar mata da shi Hausa saboda matan da ke zagaya ƙauyuka suna wayar da kai. Darasin zazzaɓin cizon sauro ne, da Faransanci. Ga layi uku daga ciki:

```
fièvre → TDR + → ttt
palu → anémie (Hb ↓)
chloroquine   CTA
```

A layin ƙarshe, malamin ya ja alƙalami ya soke kalmar farko.

Ban taɓa Hausa ba tukuna. Sai da na kwafe allon da Faransancinsa, kowane abu a mazauninsa, sannan na warware gajerun kalmomin. TDR shi ne gwajin jini na nan take, ttt kuma magani ake nufi, Hb sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini. Wanda bai warware su ba, zato zai fassara.

To, ku dubi kibiyoyin nan da kyau. Kamarsu ɗaya, amma maganarsu daban. Biyun da ke layin farko jerin aiki suke nunawa: jiki ya yi zafi, sai a yi gwaji, in gwajin ya nuna cutar, sai a ba da magani. Ta layi na biyu dalili ce, wato zazzaɓin ne ke jawo ƙarancin jini. In ka saka "yana jawo" a ko'ina, za ka rubuta cewa zafin jiki yana jawo gwaji. Shi ya sa nake barin kibiyar inda take, in rubuta "sai" ko "yana jawo" a samanta da ƙaramin rubutu. Ƴar ƙaramar da ta kalli ƙasa kuwa, raguwa take nufi.

Sokewar ce ta fi damuna. Wani zai ce kuskure ne, ya share. A'a! In kuskuren hannu ne, malami goge shi yake yi, ko ya murje shi har ba ya karantuwa. Wannan kuwa layi ɗaya tak aka ja, kalmar na nan fes, ga wata a gefenta. Koyarwa ce: an bar kulorokin saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, an koma ga CTA, wato haɗin maganin da ke da artemisinin. In ka share, rabin darasin ya tafi. In ka rubuta shi ba sokewa, wallahi ka ba mutane tsohon magani. Don haka na rubuta shi, na soke, na ƙara "an daina" kusa da shi.

Akwai kusurwar da hasken taga ya cinye kalma guda. Na bar gurbinta da ɗigo uku, na kira ɗalibar ta duba littafinta.