Kamfani ya canza modal, bot ɗinka ya fara rage wa kwastoma kuɗi: yadda za ka kama shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ina fata kuna ganin sikirin ɗina, bari na ƙara girman rubutun taminal saboda masu kallo a waya. Yauwa.

Yau kan catbot ɗin nan na mai shagon kayan sola za mu zauna, wanda muka ɗora a WhatsApp. Watannin baya Alhajin ya kira ni da sassafe, ko shayi ban sha ba, wai wani ya zo shago da waya a hannu yana nuna masa bot ya ce an bar masa batir a 270,000, alhali kuɗinsa 285,000 ne. Na duba kod ban taɓa komai ba, umarnin bot na nan yadda na bar shi. Ashe kamfanin da muke hayar modal ɗinsu ne suka sauya shi a ƙarƙashinmu, ni kuma, laifina ne, gajeren suna na sa.

Me nake nufi da gajeren suna? Ku ɗauki OpenAI a misali kawai. Akwai `gpt-4o`, akwai kuma `gpt-4o-2024-05-13` da `gpt-4o-2024-08-06`. Mai kwanan watan nan a kafe yake. Shi kuwa gajeren nuni kawai yake yi, da yana nuna na watan Mayu, a Oktoban 2024 aka mayar da shi kan na Agusta, duk wanda ya rubuta gajeren ya tashi da sabon modal ko ya shirya ko bai shirya ba. Don haka mai kwanan wata za ka sa. Amma shi ma ba na har abada ba ne fa, wata rana za su sanar za su rufe shi, dole ka yi ƙaura, to gwajin rigireshan shi ne ka tara tambayoyin da ka san amsarsu, ka yi wa tsoho ka yi wa sabo, ka ga abin da da yake daidai yanzu ya lalace.

Ni `promptfoo` nake amfani da shi, wasu sun fi son `pytest`, duk ɗaya ne, ni dai teburin da yake zanawa ne ya saye ni. Haɗa tsoho da sabo a `providers` kun iya, ba zan tsaya nan ba. Tambayoyina arba'in ne kuma ba daga kaina na ƙirƙiro su ba, daga hirarrakin kwastomomi na tsamo su, na goge lambar waya da suna, na bar rubutun yadda yake da kurakuransa, don ba wanda ke rubuta wa bot Hausar jarida. Ga ta batirin:

```yaml
- vars:
    tambaya: "batir 200Ah nawa karshe? a rage min mana"
  assert:
    - type: regex
      value: '285[,.]?000'
    - type: not-regex
      value: '2([0-7]\d|8[0-4])[,.]?000'
```

Nan zan daɗe, don nan ne na sha wahala. Da farko `contains` na sa da 285,000 kawai. Sai gwaji ya riƙa faɗuwa a banza, saboda wani lokacin bot ya rubuta 285000 ba waƙafi, amsa daidai ce amma ya fito ja. Shi ya sa kuka ga alamar tambayar nan bayan waƙafi, ma'ana da shi ko babu duk a karɓa. To wannan mai sauƙi ne. Mugun shi ne kore na ƙarya. Bot ya ce "kuɗinsa 285,000 ne ranka ya daɗe, amma tunda kai ne a bar maka 270,000". Kun gani? Lambar da nake nema tana ciki, gwaji ya wuce lafiya lau, Alhaji kuwa ya yi asarar dubu goma sha biyar. Layin `not-regex` ɗin nan shi ke tare wannan, duk lamba mai ƙarewa da 000 daga 200,000 zuwa 284,000 in ta fito to an faɗi. Ka gwada abin da ya kamata ya faɗa, ka kuma gwada abin da aka hana shi faɗa.

Haka ma baƙaƙe masu lanƙwasa, in kana neman kalmar "kuɗi" shi kuma ya rubuta "kudi", kwamfuta ba ta san abu ɗaya ba ne, sai ka ba ta duka biyun.

To mu kunna. Au, tsaya tsaya, na manta abu. Bari na katse. In ban sa `--no-cache` ba, amsoshin jiya da ya ajiye zai iya dawo min da su, na zauna ina murna da tsohon labari.

```bash
npx promptfoo@latest eval --repeat 5 --no-cache
npx promptfoo@latest view
```

Me ya sa sau biyar? Saboda ko ka sa `temperature` a 0 ba lallai ka samu amsa iri ɗaya kullum ba. Tambaya arba'in sau biyar, amsa 200 ke nan kowane ɓangare. 

Ya gama. Tsoho ya faɗi 4 cikin 200, sabo 17. Kar 4 ɗin nan ta dame ku, a warwatse suke, nan ɗaya can ɗaya, hayaniyar yau da kullum ce, amma ka rubuta ta ka ajiye don ita ce ma'auninka. Kuma kar ka tsaya kan jimilla, duba inda jan ya taru. Ga batir, sau 3 cikin 5 ya yi ragi. Ga tambayoyin oda guda biyu, 5 cikin 5 duka, goma ke nan, ragowar huɗun a warwatse. Bari na danna ta oda. Kun gani, JSON ɗin daidai ne, amma ya fara da "Ga odarka:" kafin ya kawo shi, `is-json` ya ƙi. Wani zai ce ai canza zuwa `contains-json` ya yi kore. A'a malam, kod ɗinka da ke karanta odar ba zai haɗiye wannan gaisuwar ba, oda ba za ta shiga ba kuma kwastoma na can yana jiran kaya. Gyaran a bot yake, ka kunna tsarin fitar da JSON zalla in kamfaninka na da shi. Na batir kuma a umarni zan ƙara cewa farashi ba a taɓa shi, mai neman ragi a haɗa shi da mai shago, sannan na sake kunna duka arba'in ɗin, ba guda ukun kaɗai ba, don gyaran nan kan ɓata can.

Ko komai ya yi kore ba na juya kowa lokaci guda. Kashi goma cikin ɗari na kwastomomi nake turawa sabon, kwana biyu ko uku, ina duba oda nawa ta kasa shiga da mutum nawa suka ce a haɗa su da mutum. Kowace amsa kuma ina ajiye abin da ke cikin `model` da ya dawo tare da ita, ranar da ya canza ba da sanina ba saƙo ya shigo min waya. Gwajin kansa na sa shi a `cron` ƙarfe shida na safe kafin a buɗe shago, kuma duk hirar da ta kwaɓe a fili sai na kwafe ta ta zama tambaya ta arba'in da ɗaya.

Bari na buɗe umarnin mu rubuta layin farashin tare, sai mu sake kunnawa mu ga batirin.