Makin ƙungiya da lissafin mamaki: laccar da aka gabatar wa masu shirya gasar unguwanni a Garwa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. A bar tagogin nan a buɗe, zafin Garwa ba ya jin lallashi.

Shugaban kwamiti ya ce in yi magana a kan yadda za mu auna ƙarfin ƙungiyoyinmu, don kowace shekara in an zo raba rukuni sai an yi ta cacar baki. Abu huɗu zan faɗa. Na farko, yadda ake ba ƙungiya maki. Na biyu, yadda tazarar maki ke zama hasashe. Na uku, gyaran maki bayan wasa. Na huɗu, inda lissafin ke yin tuntuɓe.

Tsarin ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wani malamin kimiyya ne, Arpad Elo, haifaffen Hungari da ya zauna a Amurka, ya tsara shi don masu wasan ces, darar Turawa. Hukumar ces ta Amurka ta karɓe shi a 1960, ta duniya a 1970. FIFA ma tun 2018 da irinsa take jera ƙasashe, da 'yan gyare-gyarenta. Batun farkon, ba da maki, ba shi da wahala: kowace ƙungiya a ba ta maki 1500, shi ke nan. Ku ba ta 1000 in kun ga dama, babu abin da zai canza, don tazarar da ke tsakanin ƙungiya biyu kaɗai ake dubawa.

Na biyu. Mu ɗauka, misali ne fa, kada wani ya tare ni a waje, 'yan Yelwa suna da 1600, 'yan Rumde Ajiya suna da 1500. Tazara 100. Ku ciro wayoyinku, ku juya kalkuletar a kwance don maɓallan kimiyya su fito. Raba 100 da 400, ka samu 0.25. Sai ka danna 10, ka danna maɓallin da aka rubuta x^y, ka sa 0.25. Me ya fito? 1.78. Wato duk 1 da Rumde ke da shi, Yelwa na da 1.78. Ka haɗa su, 2.78. Ka raba 1.78 da 2.78, ka samu 0.64. Wannan shi ne abin da ake tsammani daga Yelwa, Rumde kuma ta ɗauki ragowar, 0.36. Mai kwamfuta, in makin ƙungiyarka na A2, na abokan karawa na B2, ga abin da za ka rubuta:

```
=1/(1+10^((B2-A2)/400))
```

In kwamfutarka ta Faransanci ce za ta nuna maka 0,64 da waƙafi, duk ɗaya ne. Lambobi uku nake so ku haddace. Tazara 100, 0.64. Tazara 200, 0.76. Tazara 400, 0.91, wato duk 1 da ƙaramar ke da shi, babbar na da 10. Ku lura ko a tazara 400 bai kai 1 ba, kuma ba zai taɓa kaiwa ba. Wannan 400 ɗin ma zaɓi ne, FIFA 600 take sawa.

To yanzu ga inda nake so mu zauna, don wallahi nan ne daɗin abin yake. Bayan an tashi wasa, wanda ya ci a rubuta masa 1, canjaras rabi, wato 0.5, wanda aka ci 0. Sai ka cire abin da aka yi tsammani daga abin da ya faru, ka ninka da wata lamba da ake kira K.

```
sabon maki = tsohon maki + K × (sakamako − tsammani)
```

Mu sa K ta zama 30. Yelwa ta ci: 1 a cire 0.64, saura 0.36, sau 30, kusan 11. Yelwa ta koma 1611, Rumde 1489. To a ce Rumde ce ta ci. Ita 0.36 aka sa mata rai, ta kawo 1, bambanci 0.64, sau 30, kusan 19. Rumde 1519, Yelwa 1581. Kun gani? Wasa ɗaya, fili ɗaya, amma wannan nasarar 11 ce, waccan 19. A teburin gasa duk maki uku ne, ko wa ka doke. Nan kuwa mamakin da ka ba mutane ake biyanka. Mamaki ake biya. In ka yi abin da kowa ya san za ka yi, kaɗan za ka samu.

Kun tuna 2022 a Katar? Kamaru da Brazil, ɗanmu na Garwa, Abubakar, ya sa kai ya jefa ƙwallo a ƙarshen wasa, ya tuɓe riga, alƙali ya ba shi katin gargaɗi na biyu, ya fita yana murmushi. [dariya] Unguwarmu ba wanda ya yi barci. Irin wannan nasarar ce lissafin ke biya da tsada, don ba a sa rai ba. Amma ko da ya biya, bai ce Kamaru ta fi Brazil ba. Ya matso da mu sama kaɗan, ya sauko da su kaɗan. Ku ma kun san da an sake bugawa washegari, ba mu za ku zaɓa ba. To Malam Liman yana zaune, ba caca nake koya muku ba, raba rukuni muke yi.

Ina muka tsaya? K. Ita ce ke faɗin nawa za ka yarda da wasa guda. Mu koma kan Rumde ta doke Yelwa. Da K 30, tazarar ta sauko daga 100 zuwa 62, kuma in za su sake haɗuwa gobe, tsammanin Yelwa ya sauko daga 0.64 zuwa 0.59. Har yanzu Yelwa ce a gaba, amma mun rage yarda da ita. Wannan hankali ya ɗauka. To sa K ta zama 100. Maki 64 za su tashi daga hannun Yelwa, ta koma 1536, Rumde 1564. Wasa ɗaya tak, watakila ma mai tsaron gidan Yelwa zazzaɓi yake yi, an juya teburi gaba ɗaya. Irin ɗan kallon nan ke nan da ke cewa a kori koci duk ranar Lahadi. Akwai su a ɗakin nan, ba zan nuna ba.

Sa ta kuma ta zama 5. Maki uku kacal za su motsa, tsammani ya koma 0.63. Kamar ba a buga ba. Kuma ga illar: sabuwar ƙungiya ta shigo da 1500, alhali ƙarfinta na 1700 ne. Kowace nasara a kan sa'arta a maki za ta ba ta biyu da rabi. Sai ta yi wasa 80 ko fiye tana ci kafin ta isa inda ya kamata. Mu da muke buga wasa goma sha wani abu a hutun makaranta, yaran sun yi aure kafin nan. Saboda haka ga gajeriyar gasa irin tamu, ni na fi son 30 zuwa 40. Ra'ayina ne, ku gwada da tsofaffin sakamakonku. Wata dabara kuma, sabuwar ƙungiya a ba ta K babba a wasanninta na farko, in ta zauna a rage. Masu ces haka suke yi wa sababbin 'yan wasa.

Abu ɗaya kada ya wuce ku: abin da wannan ta samu, shi waccan ta rasa, in dai K ɗaya kuka sa musu. To ga hanyar kama kuskure. Ƙungiya 12, kowace ta fara da 1500, jimla 18000. In magatakarda ya tara ya ga 18040, wani wuri ya ƙara bai rage ba. Kuma a bi wasanni bisa jerin ranakunsu, kada a yi lissafin na Asabar kafin na Laraba.

Na uku... a'a, na ukun muke ciki tun ɗazu. To na huɗu ke nan. An ɗago mini agogo. Da sauri. Wasan gida: masu jera ƙasashe da wannan tsari a intanet suna ƙara wa mai masauki 100 lokacin lissafin tsammani kawai, ba a rubuta masa a littafi. Mu da muke buga komai a fili ɗaya, ku bar shi. Sai kuma wannan: 1600 na gasar Garwa da 1600 na gasar Marwa ba ɗaya ba ne, muddin ba sa haɗuwa. Kowa da 'yan garinsa aka auna shi. Sabuwar kaka kuma, tunda yara na sauya ƙungiya, a ja kowa ya matso kusa da 1500, misali a rage sulusin tazararsa. Yawan ƙwallaye, ci 5 da ci 1, akwai yadda ake sa shi, amma ba yau ba.

Na ga hannu. Bismillah, Alhaji.

[Daga cikin jama'a: Malam, ka ce Yelwa 0.64. Wato a wasa ɗari za ta ci 64 ke nan? To canjaras fa, ina ka kai shi?]

Allah ya ƙara girma, Alhaji, ka taɓo inda mutane da yawa ke faɗuwa. A'a, ba za ta ci 64 ba. Wannan 0.64 nasara ce haɗe da rabin canjaras. A wasan da dole sai wani ya ci, to nan ne ya zama damar nasara kai tsaye. A ƙwallo sai ka ware. A manyan gasanni kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wasanni canjaras ake tashi. Mu ce 24 cikin ɗari. Rabinsa 12. Cire 12 daga 64, saura 52. Ke nan Yelwa ta ci 52, canjaras 24, Rumde ta ci 24. Kun ga 52 da 64 akwai nisa.

Kuma canjaras ɗin kansa yana motsa maki. Yelwa an sa mata rai da 0.64, ta kawo 0.5, ta yi asarar maki huɗu, Rumde ta ɗauka. Wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008, Koton, ƙungiyar garinmu, ta yi 2 da 2 da Al Ahly a nan Garwa, bayan an ci ta 2 da nema a Alƙahira. Kofi ya tafi Masar, amma lissafin nan wasa biyu daban yake gani, na biyun kuma rabi ne ga kowa.

Sai dai, Alhaji, kada ka ɗauki 24 ɗin nan ka liƙa a ko'ina. Gwada shi a tazara 400. Tsammani 91, cire 12, saura 79. Haɗa 79 da 24, ka samu 103. Ka wuce ɗari, ƙaramar ƙungiya ta koma ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa. Dalili shi ne canjaras na raguwa in tazara ta yi yawa. Don haka magatakarda, aikinka ne. Ka ɗauko littafin bara, ka bi wasannin a jere, ka kasa su uku: tazara ƙasa da 100, daga 100 zuwa 200, da sama da 200. Kowane kashi ka ƙirga canjaras nawa aka yi. A nan kuma za ka gwada lissafin kansa: wasannin da ya ce 0.60 zuwa 0.70, ka tara 1 da 0.5 da 0 na babbar ƙungiya, ka raba da yawan wasannin. In ya faɗo kusa da 0.65, muna kan hanya. In ya faɗo wajen 0.50, lissafin yana cika baki, sai mu duba ko K ta yi yawa. Wasanni kaɗan dai ba sa yanke hukunci, a haɗa da na shekarun baya in littattafan suna nan.

Suna nan, magatakarda? Ya ce na bara na wajen tsohon ma'aji. To a aika yaro ya karɓo kafin Lahadi. An kira salla, sauran tambayoyin bayan mun idar.