Darasin Kiwo: Tuwon Kare, Nama da Maganar Ƙashi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau darasin namu na masu kare ne, ko na gadi a gida da gona, ko na farauta. Abincin kare na buhu, wanda ake shigowa da shi, in ba a manyan kantunan birni ba ba ka ganinsa, in ka gan shi ma kuɗinsa ya ishe ka. To yawancinmu daga tukunyar gida muke ciyar da dabbar nan, kuma babu laifi a hakan. Kare yana narkar da hatsi sarai in an dafa shi ya nuna. Matsalar tana wajen abin da ake haɗa wa hatsin.

Bari mu ɗauki kare guda mu bi abincinsa na yini ɗaya. Karen gida ne irin namu, baligi, nauyinsa kilo 15, yana yawo cikin gida da rana, yana gadi da dare. Irin wannan yana buƙatar kalori wajen 900 a yini. Kada lissafin ya dame ku, yanzu zan mayar muku da shi gwangwani da cokali.

Uwargida, ki auno garin masara gwangwanin madara ɗaya da kwata, wato giram 120 ko kusa da haka. In dawa ce ko gero ko shinkafa, duk ɗaya ne, abin da ke gidan shi za a yi da shi. A tuƙa shi ya dahu sosai, da ɗan ruwa-ruwa. Tuwon da bai nuna ba, ko tsakin da aka jiƙa kawai, wucewa yake yi ta cikin kare, sai ka ga kashinsa tuli guda, ga laushi, ga shi kuma yana ramewa alhali kwanonsa kullum a cike. Dusa zalla kuwa, wadda wasu ke dama wa kare don sauƙi, ta fi dacewa da akuya. Kare cikinsa kawai za ta cika.

Sai nama, giram 200 kafin a dafa. Ba tsoka nake nufi ba, wa zai saya wa kare tsoka a wannan zamani? Je ka wurin mahauci ka nemi huhu, tumbi, zuciya, naman kai, da guntattakin da ake yankewa a gefe. A ƙara dafaffen ƙwai ɗaya, man gyaɗa cokalin cin abinci ɗaya, da dafaffiyar kabewa ko karas cikin tafin hannu. In ka duba kwanon da ido, tuwo kashi biyu ne, nama da ƙwai kashi ɗaya, ɗan kayan lambu a kai. A raba gida biyu, safe da yamma.

Hanta tana da amfani ƙwarai, amma kaɗan ake sa ta, kamar girman kwalin ashana a yini ga wannan karen. Bitamin A ɗin da ke cikinta yana taruwa a jiki, in aka mayar da ita abincin kullum da yawa sai ta taɓa ƙashi da gaɓoɓi, kafin nan ma zawo ya riga ya fara.

Kuma don Allah kayan cikin nan a dafa su. Na san al'adar wasu ce, in an yi yanka aka ga huhu ko hanta mai ƙulli-ƙullin ruwa, sai a ce jefa wa kare. Wannan ƙullin 'ya'yan wata tsutsa ce a ciki. Kare ya ci ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa, ya koma kan tumaki, ya koma kan yaran gidan da ke wasa a tsakar gida. A jikin mutum ƙullin ruwa take yi a hanta ko huhu, wani lokaci sai an yi tiyata. Wanda ke da ƙulli a binne shi da zurfi ko a ƙona, mai kyaun kuma a tafasa shi sosai.

Ranar da babu nama fa? Akwai ƙwai, akwai ƙananan busassun kifi, akwai awara, akwai wake in ya dahu ya yi luguf an murƙushe shi. Wake da awara su taimaka, amma kada su zama su kaɗai mako da mako, kuma a fara da kaɗan don suna kumbura ciki. Kifin in mai gishiri ne a jiƙa shi a zubar da ruwan.

To yanzu ga inda nake so ku kasa kunne sosai. Wannan kwanon da muka haɗa, tuwo da nama da ƙwai da mai, kowa ya gani zai ce kare ya more. Amma akwai abin da babu a ciki, shi ne sinadarin kalsiyam, wanda ke gina ƙashi. Nama yana da wani sinadarin, fosfaras, da yawa, kalsiyam ɗinsa kuwa ɗan mitsitsi ne. Hatsi ma haka. Jikin kare yana son su zo kusan daidai, kalsiyam ya ɗan fi. In bai samu a abinci ba, jiki ba ya haƙura, sai ya riƙa zaro shi daga ƙashin dabbar don jini ya samu nasa. Babban kare yana iya ɗaukar watanni ba a gane ba. Kwikwiyo kuwa cikin 'yan makonni abin ke nunawa: ƙafafun gaba su fara lanƙwashewa, ya riƙa ɗingishi ba wanda ya buge shi, in ka ɗaga shi ya yi ƙara, wani daga tsalle kan dakali ƙafa ta karye. Mai shi yana ta mamaki, ai nama nake ba shi kullum. Naman ne ba tare da kalsiyam ba ya kai shi nan.

Da an faɗi haka sai mutum ya ce, to ai sai in ba shi ƙashi, daman kare da ƙashi aka san shi. A nan ake yin kuskure na biyu, domin ƙashin da ke hannunmu dafaffe ne, ragowar miya ko na gasasshiyar kaza ko balangu. Wuta tana busar da ƙashi, in kare ya tauna sai ya tsage ya yi tsini. Na kaza ya fi kowanne, sai haƙarƙarin akuya da ƙayar babban kifi. Wani ya gicciye a dasashin sama tsakanin haƙora, ka ga kare yana ta kai ƙafa baki, miyau na zuba. Wani ya tsaya a maƙoshi. Wani ya wuce hanji ya toshe ko ya huda. In kare ya ci ƙashi, sannan ya fara amai a kai a kai, ya ƙi abinci, yana yunƙurin kashi ba ya fita ko yana fita da jini, ba lokacin ɗura masa manja ba ne, a kai shi asibitin dabbobi a ranar.

Hanya mafi sauƙi tana cikin ƙwan nan da muka dafa masa, wato ɓawonsa. A wanke ɓawon, a tafasa shi minti kaɗan, a shanya ya bushe ƙarau, a daka a turmi ko a niƙa har ya zama gari mai laushi, a tankaɗe. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ba da kusan cokalin shayi ɗaya, cikinsa akwai kalsiyam wajen giram 2. Karenmu mai kilo 15 rabin cokalin shayi yake buƙata a yini, a barbaɗa a cakuɗa cikin abincin. Kun ga ɓawo ɗaya ya yi masa kwana 2. In gidanku ba a cin ƙwai sosai, yi magana da mai shayin unguwa, shi zubarwa yake yi.

In kana ba shi ƙananan kifin nan da ake ci har da ƙashinsu, to ranar ka rage garin ɓawon, don kifin ya kawo nasa. Haka in kana da tukunyar matsi, ka dafa ƙafafun kaji da wuyansu har ƙashin ya zama kana murje shi da yatsu biyu ya zama gari, wannan ya halatta a dama cikin tuwo. Sharaɗin shi ne murjewar. In ka matsa ya ƙi, bai kai ba. Kuma kashin karen zai gaya maka in ka zarce: ya fito fari, busasshe, yana marmashewa, kare na nishi kafin ya fitar, to ƙashi ya yi yawa.

Ɗanyen babban ƙashin gwiwar sa, wanda ya fi bakinsa girma, ana ba shi ya gwigwiya don haƙora da ɗebe kewa. Ni ba na ƙirga shi cikin abinci. A ba shi kana wurin, a ɗauke bayan ɗan lokaci, domin yana iya fasa haƙori, kuma cikin zafin nan namu kafin yamma ya fara wari.

Wani gargaɗi ga masu kwikwiyon manyan karnuka irin na waje: su yawan kalsiyam ma yana ɓata musu gaɓoɓi kamar yadda ƙarancinsa ke yi, don jikin kwikwiyo bai iya ƙin abin da ya wuce kima ba. Kada a yi musu awo da ka, likitan dabbobi ya auna nauyinsu ya faɗi adadin.

Saura miya. Yawancin karnukanmu ragowar kwanon gida ake juye musu, tuwo da miyarsa. Gayan tuwon babu laifi, ƙanzo ma in an jiƙa. Miyar ce ke da albasa da tafarnuwa, ga gishiri da dunƙule da barkono. Albasa tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dahuwa ba ta kashe wannan dafin. Matsakaiciya guda ɗaya ta isa ta taɓa jinin kare mai kilo 15, kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Ba a ranar ake gani ba, sai bayan 'yan kwanaki: kasala, haki, fitsari ya yi ja ko ruwan ƙasa, in ka ɗaga leɓensa dasashi ya yi fari. Saboda haka, uwargida, ki ɗebi rabon kare daga naman tun kafin a sa kayan miya, romon tafasar ya zama miyarsa. Goro da cakulan da zabibi kada yara su ba shi da sunan wasa. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna, wadda aka ce ba ta ciyuwa a ba dabba, kare ba ya jure dafinta, hanta take kamawa, ka ga idonsa ya yi rawaya.

Awon da na bayar mafari ne. Karen farauta a lokacin rani, ko karya mai shayarwa, suna iya cin ninkinsa, kuma nama da mai za a fi ƙarawa tare da garin ɓawon, ba tuwo kaɗai ba. Bayan mako 2 ka shafa gefen ƙirjinsa. In kana jin haƙarƙari a ƙarƙashin 'yar tsoka ba tare da ka danna ba, awon ya yi. In kana ƙirga su da ido daga nesa, a ƙara, a kuma ba shi maganin tsutsa. In sai ka danna kafin ka ji su, a rage tuwon. Wanda ya saba da wani abinci dabam, a sauya masa a hankali cikin mako guda, ana haɗa sabon da tsohon. Abin da bai cinye ba cikin rabin awa a ɗauke, kada ya yini a rana ya yi tsami, ruwan sha kuma a ajiye masa a inuwa, a sauya safe da yamma.