Amsoshin Tambayoyinku: Ina Rabin Makina Ya Tafi?

Wasiƙarmu ta farko a yau daga wata ɗalibar sakandare ce a Funtuwa. Ta ce: "Malam, na ninka 3 × 10⁸ da 5 × 10², na samu 15 × 10¹⁰, amma malaminmu ya ba ni rabin maki. Ina na kauce? Kuma lambobi masu tarin sifili bayan ɗigo suna rikita ni."

To 'yata, lissafinki daidai ne, ƙarasawa ce ba ki yi ba. Kin ninka lambobin gaba, 3 sau 5, kin samu 15. Kin tara ƙananan lambobin da ke saman goma, 8 da 2, kin samu 10. Duk haka ake yi. Sai dai ƙa'idar wannan rubutu, wanda malamai ke kira sitandad fom, ita ce lambar gaba kada ta gaza 1, kada kuma ta kai 10. Sha biyar ta wuce iyaka. Sai ki mayar da ɗigo baya taki ɗaya ta koma 1.5, ki ƙara ɗaya a saman goma. Amsa ita ce 1.5 × 10¹¹. Kuma wannan lamba ba ta banza ba ce: haske yana gudun kusan mita 3 × 10⁸ a daƙiƙa, yana ɗaukar kusan daƙiƙa 500 daga rana zuwa duniya. Nisan rana a mita kika lissafa.

Yanzu ƙananan lambobi, inda na fi son ki natsu. Faɗin jan ƙwayar jini ɗaya kusan mita 0.000007 ne. Ki tura ɗigo gaba har ya tsallake 7, kina ƙirga taki. Shida ne. Tunda lambar ba ta kai 1 ba, sai shidan ta ɗauki alamar debewa: 7 × 10⁻⁶.

A ce an jera ƙwayoyin 4,000, wato 4 × 10³. Don sanin tsawon jerin, sai mu ninka yawansu da faɗin ɗaya. Huɗu sau bakwai, 28. A sama kuma, 3 a tara da −6 ya ba da −3. Mun samu 28 × 10⁻³, ita ma tana son gyara. A nan ɗalibai da yawa ke zamewa, su rubuta 2.8 × 10⁻⁴, don sun ga huɗu ta fi uku. A'a! Ƙara ɗaya a kan −3, −2 yake bayarwa. Amsa 2.8 × 10⁻².

In kina shakka, warware su ki gani. 28 × 10⁻³ ita ce 0.028, haka 2.8 × 10⁻² ita ma 0.028, wato santimita uku ba kaɗan. Ita kuwa 2.8 × 10⁻⁴ ta zama 0.00028, ta ragu har sau ɗari.

Masu sauraronmu na Maraɗi da Damagaram, ku waƙafi kuke sawa a gurbin ɗigo, kamar 2,8, amma ƙa'idar ba ta sauya ba. Bari mu buɗe wasiƙa ta gaba.