Minti 60 a rana: wanne ne ke shiga lissafin motsa jikin yaro?

[Hoto: allon waya, saƙo yana yawo a zauren WhatsApp na iyaye]

Saƙon ga ya zagaye wayoyin iyaye a Sakkwato, wai dole kowane yaro ya yi awa ɗaya yana motsa jiki kullum. Nan take mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce, a wannan zafin wa zai saki ɗansa ya yi gudun awa guda? Wasu kuma suka ce ai nasu sun wuce wurin, tunda a ƙafa suke zuwa boko, a ƙafa suke zuwa Islamiyya, su dawo jiƙe da zufa. Dukansu akwai inda suka kuskure, kuma a wuri ɗaya ne.

Asalin maganar gaskiya ce. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a rana na motsi matsakaici ko mai ƙarfi, idan aka raba a kan mako. A cikin makon kuma, aƙalla kwana 3 a samu motsi mai ƙarfi sosai, da irin wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Shi ke nan. Ba ta ce sai a filin Giginya ba, ba ta ce sai da takalmin ƙwallo ba, kuma ba ta ce a yi shi a tashi ɗaya ba. Kamar asusu ne, a jefa minti 5 da safe, a jefa 10 da rana, a jefa 20 da marece, a ƙirga a ƙarshen yini.

[Hoto: yara biyu, ɗaya zaune a inuwa yana sharce zufa, ɗaya yana bin taya da gudu]

To, ga inda gizo ke saƙar. Ba kowane motsi ke shiga lissafin ba. Kuma mu nan muna da wata matsala tamu: da zufa muke aunawa. Yaro ya shigo riga a jiƙe, sai uwa ta ce yau kam an motsa. Hajiya, a watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko wanda ke zaune yana danna waya zufa yake yi. Da hunturu kuwa yaro zai yi gudu sosai, busasshiyar iska ta shanye zufar kafin ki gani. Saboda haka zufa ba ma'auni ba ce. Numfashi ne ma'auni.

Ku dubi yaron ga da kyau. Yana tafiya a hankali, yana rera waƙar makaranta, muryarsa ba ta ko rawa. Wannan motsi ne mara nauyi. Ya fi zama, amma ba ya cikin minti 60 ɗin.

Yanzu ya ɗaga ƙafa, don ya ji an ce an kusa rufe ƙofar makaranta. Ku tambaye shi me ya ci da safe, zai ba ku amsa cikakkiya, sai dai kuna jin numfashinsa tsakanin magana. Ku ce ya rera waƙar nan ta ɗazu, ba zai iya jan ta ba. Wannan shi ne matsakaici, kuma daga nan ake fara ƙirgawa.

Ga shi nan kuma a tsere. Ku tambaye shi sunan malaminsa. Kalma biyu, uku, sai ya tsaya ya ja iska. Wannan ne mai ƙarfi, wanda ake so a samu aƙalla sau 3 a mako.

[A bar hoton ya tafi, sautin hakin yaro kawai]

Dalilin kuwa, zuciya tsoka ce. Idan ƙafafu suka nemi ƙarin iska, dole ta ƙara bugu don ta kai masu jini, huhu ma ya ƙara aiki. Wannan ƙarin aikin, idan ana maimaita shi kullum, shi ke gina ta. Tafiyar da ba ta canja numfashi ba, ba ta nemi wani abu daga zuciya fiye da abin da ta saba ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daga safe har dare. A ce yarinya ce 'yar shekara 9 a Mabera, tana aji huɗu. Idan ka tambayi uwarta za ta ce, wannan ai ba ta zama, tun asuba tana tsaye. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma mu riƙe agogo.

Makarantarta tafiyar minti 15 ce. Minti 5 na farko tana jiran ƙawarta, ana tafe ana taɗi. Sai suka ga rana ta ɗaga, suka saki sauri. Mu rubuta mata 10. Lokacin tara, a ce minti 30 aka ba su. Ta bi layin mai awara, ta ci, ta sha ruwa, sannan aka ɗan yi guje-guje kafin a buga ƙararrawa. Mu rubuta 8. Dawowa gida da tsakar rana, ana jan ƙafa ana bin inuwar katanga, ba mu rubuta komai ba, kuma ba ma so ta yi sauri a wannan zafin ranar. A gida ta yi shara, ta yi wanke-wanke, duk motsi ne mara nauyi. Aka aike ta ɗibar ruwa a maƙwabta, ta yi sawu uku da ƙaramin bokiti tana ɗan haki, mu rubuta 7. Islamiyya bayan layinsu take, kuma can zama ake yi. Da ta dawo suka baje a tsakar gida suna carafke.

[Hoto: hannu yana watsa duwatsu yana cafewa]

Ni ina son carafke, yana koya wa yaro saurin ido da hannu, amma a zaune ake yin sa, don haka sifili. Dara ma haka, kada 'yan maza su yi dariya.

Mu haɗa: 10 da 8 da 7, minti 25. Yarinyar da ba ta zauna ba tun asuba, ko rabi ba ta kai ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya gano kusan kashi 81 cikin 100 na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa kai awa ɗaya ɗin, kuma mata sun fi maza gazawa: kashi 85 a mata, 78 a maza. A nan ma kowa na iya ganin yadda abin yake. Namiji ya aje allo ya fice fili da tamaula, mace kuwa a ce ta shigo gida ta riƙe ƙane.

Saura minti 35. Ina za a samo su ba tare da an taɓa karatu ba?

Na farko ba ya cin ko kwabo: ta yi tafiyar safen nan duka da sauri, tunda lokacin da sauran sanyi. An samu ƙarin 5. Sannan tsakanin tashi daga Islamiyya da kiran magariba, a ba su igiya, ko ta shanya ce. Biyu su kaɗa, ɗaya ta yi tsalle. Amma ku lura, idan yara takwas ne a kan igiya ɗaya, fiye da rabin lokacin a layi zai ƙare, kuma tsayuwar layi ba ta cikin lissafi. A raba su uku-uku, duk wadda ta taka igiya ta karɓi kaɗawa nan take. Da haka za a iya samun minti 15 na gaske. Bayan isha kuma, in da hasken wata ko an kawo wuta, a yi gaɗa a tsakar gida, irin wadda ake tafi ana tsalle ana faɗawa hannun ƙawaye su cafe. Wani 15 ɗin. Ga 60 ta cika, kuma ba ta taka ƙofar gida ba bayan magariba.

[Hotuna da sauri: langa, 'yar gala-gala, kokawa a kan yashi, garen taya]

Batun tsoka da ƙashi na kwana 3 ɗin nan, kada ya ba kowa tsoro, ba ɗaga ƙarfe ake nufi ba. Ƙashin yaro yana ƙara ƙwari ne idan yana dira a ƙasa da nauyin jikinsa. Tsallen igiya ya yi wannan aikin, 'yar gala-gala ta yi. Langa kuwa, a ganina, babu kamarta: ƙafa ɗaya a riƙe, ɗaya tana ɗauke da jiki duka, ana ture ana gocewa, cikin minti 2 yaro ya fara haki. A dai riƙa canja ƙafa. Kokawa ma ta shiga, Basakkwace ba ya bukatar a koya masa ita, amma a kan yashi, kuma tsara da tsara.

Idan yau ba a cika ba fa? Ba a yi asara ba, tunda a kan mako ake lissafin, minti 420 ke nan a kwana 7. Ranar da aka samu 40 kawai, Alhamis da Juma'a da yawancin Islamiyyu ke hutu sai a sake su su yi 80. Abin da ba a so shi ne a tara komai a rana guda, sauran kwana shida ana gaban talabijin.

[Hoto: randa a inuwa, yaro yana shan ruwa da moɗa]

Sai zafi. Da bazara, daga hantsi ya ɗaga har zuwa bayan la'asar ba lokacin guje-guje ba ne. A sha ruwa kafin a fita, a sha a tsakiya, kada a jira yaro ya ce yana jin ƙishirwa, don in wasa ya yi daɗi ba zai faɗa ba. Fitsari mai duhu alama ce ruwa ya yi ƙaranci. Idan ya ce kansa na ciwo, ko jiri, ko tashin zuciya, wasa ya ƙare: a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan kuwa ya fara sambatu, ko ya suma, ko jikinsa ya yi zafi rau yana tangaɗi, a ci gaba da zuba masa ruwa a jiki ana hanyar asibiti, kada a ɗura masa komai a baki.

Mai sikila yana wasa, ba a ware shi, amma a bar shi ya huta duk lokacin da ya so, ya sha ruwa fiye da kowa, kuma kada a sa shi gasar wa ya fi juriya. Mai asma kuma, ranar da hazo ya rufe gari a mayar da wasan cikin zaure ko falo, maganinsa na shaƙa yana kusa da hannu. Su biyun nan, a zauna da likitan da ke duba su a tsara iya abin da za su yi kafin a fara ƙirga masu minti.